Ƙararrawa 275 cikin minti 11: yadda ake tsara allon da ma'aikaci zai gane da kallo ɗaya

Da safiyar Lahadi, 24 ga Yulin 1994, hadari ya taso a gaɓar tekun Wales da ke yammacin Birtaniya, aradu ta faɗa a matatar man Texaco ta Milford Haven, wuta ta kama a sashen da ake fara tace ɗanyen mai. Ba wannan gobarar ce ta yi babbar ɓarna ba. Ɓarnar ta zo ne da ƙarfe 1:23 na rana, a wani sashe dabam inda ake fasa mai mai kauri don a samu fetur. Wani bututu mai faɗin inci 30 ya ɓalle, kimanin tan 20 na mai da gas suka kwararo, suka tarar da wuta. Mutum 26 suka jikkata, aka yi asarar da ta kai fam miliyan 48. Da ranar aiki ce, lokacin da ma'aikata suka cika harabar, da labarin ya fi haka muni.

Tsakanin aradun da fashewar akwai sama da sa'o'i huɗu, kuma duk tsawon lokacin akwai ƙwararrun ma'aikata zaune a gaban allunan kwamfuta, idonsu biyu, suna ta fama. To me ya hana su ganin abin da ke tafe?

A sashen akwai hasumiyoyi uku a jere, mai yana fita daga ta farko ya shiga ta biyu, daga ta biyu ya wuce ta uku. Bawul ɗin da ke mafitar ta biyu ya maƙale a rufe, amma allo yana nuna a buɗe yake. Saboda haka mai yana ta shiga ba ya fita. Hasumiyar ta cika, matsi ya hau, bawul ɗin kariya ya riƙa buɗewa yana tura abin da ya yi yawa zuwa dogon bututun da ake ƙona rarar gas a samansa. Kafin wannan bututu akwai tankin da ke tare ruwan mai don gas kaɗai ya wuce. Shi ma ya cika ya tumbatsa, ruwan mai ya kutsa cikin bututun da aka yi don gas, wanda dama tsatsa ta ci shi, nauyi ya karya shi.

Binciken da hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta Birtaniya ta wallafa a 1997 ya nuna cewa a minti 11 na ƙarshe, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275. Wato kusan guda ɗaya a duk daƙiƙa biyu da rabi. A cikin ƙararrawa 2,040 da aka tsara wa sashen, kashi 87 cikin 100 an ba su matsayin gaggawa, har da waɗanda sanarwa ce kawai. Ƙararrawar da ta ce tankin can ya cika ta yi ƙara kimanin minti 25 kafin fashewar, ta nutse a cikin sauran. Sannan babu wani shafi guda da ya haɗa hasumiyoyin uku ya nuna abin da ke shiga da abin da ke fita. Da akwai shi, da ƙaryar bawul ɗin ba ta daɗe ba, domin hasumiya ta biyu tana cika, ta uku kuwa ba ta samun komai.

Daga bango zuwa taga

Kafin zuwan kwamfuta, ɗakin sarrafa masana'anta dogon bango ne cike da mitoci masu allura da takardun da alƙalamin inji ke zana wa layi. Tsohon ma'aikaci yakan shigo da kofin shayinsa, ya bi bangon da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan, kafin ya zauna ya riga ya san yadda dare ya kasance. Bai karanta lamba ko ɗaya ba. Ya san inda kowace allura ta saba tsayawa, don haka wadda ta kauce ita ce ke kama idonsa.

A 1975 kamfanin Honeywell na Amurka da Yokogawa na Japan suka fito da tsarin sarrafa masana'anta da kwamfuta, a hankali bangon ya koma cikin allo. An samu riba mai yawa, amma an yi asarar abu guda ba tare da an lura ba: bangon yana nuna komai lokaci ɗaya, allo kuwa shafi ɗaya yake nunawa cikin ɗaruruwa. Kuma waɗanda suka zana shafukan galibi injiniyoyi ne da aka miƙa wa taswirar bututun masana'antar aka ce su mayar da ita kan kwamfuta. Sai suka kwafe ta yadda take, kowane bututu da kowane bawul, suka yayyafa lambobi a kai. Taswirar nan an yi ta ne don mai gini ya san inda zai haɗa ƙarfe da ƙarfe. Ba a yi ta don mai gadin aikin da ƙarfe uku na dare ba.

Da kwamfuta ta ƙara ƙarfi a shekarun 1990, sai ado ya shigo. Tankuna masu sheƙi kamar a taɓa, harshen wuta yana rawa a cikin tanderu, fanka tana juyawa, bututu kala-kala a kan baƙin fage. Irin wannan allo yana burge manyan baƙi ranar buɗe masana'anta, shi ya sa har yau ake sayar da shi. Ma'aikacin da zai zauna gabansa awa 12 shi ke biyan kuɗin adon da idonsa.

Ƙararrawa ma haka ta yawaita. A zamanin bango, ƙara ƙararrawa guda na nufin sayen fitila, jan waya da huda ƙarfe, don haka sai an yi shawara. A kwamfuta kuwa danna maɓalli ne kawai, kyauta. Abin da ba a biya ba a ƙirga shi. Jagorar EEMUA 191, wadda aka fitar a Birtaniya a 1999 bayan darasin Milford Haven, ta sa ma'auni: idan aiki yana tafiya lafiya, kada ma'aikaci ya samu fiye da ƙararrawa ɗaya a minti 10, idan kuma matsala ta taso, kada su wuce 10 a minti 10 na farko. A rabon matsayi, kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai ya kamata su zama na gaggawa, 15 matsakaita, 80 ƙanana.

Launi tsada gare shi

Wanda ya fara ganin allon da aka tsara bisa fahimtar yau yakan ɗauka ba a gama aikin ba. Fagen launin toka ne mai haske. Tankuna zane ne na siririn layi, babu inuwa babu sheƙi. Bututu layi ne mai toka-toka, babba ya fi kauri, ƙarami ya fi siranta. Lambobin da ke canzawa an rubuta su da shuɗi mai duhu ko baƙi. Babu abin da ke motsi. Idan komai lafiya, allon ba shi da ja ko rawaya ko ɗigo ɗaya.

Dalilin yana cikin yadda ido ke aiki. Idan aka sa ɗigon ja guda a cikin ɗigo hamsin masu launin toka, ido yana cafke shi tun kafin mutum ya yi niyyar nema, kuma ko an mayar da su ɗari biyar, saurin kusan ɗaya ne. Amma idan ɗigon sun kasance ja da kore da rawaya da shuɗi a gauraye, dole ido ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ke nan duk jan da aka kashe a kan abin da ba matsala ba, an rage ƙarfin jan da zai yi gargaɗi.

Ga yadda abin ke faruwa a aikace. A ce tashar tura ruwa tana da injin famfo 12, takwas suna aiki, huɗu suna hutawa a matsayin na ko-ta-kwana. A tsohon salo, mai aiki kore ne, wanda ya tsaya ja. Don haka kullum, dare da rana, akwai ja huɗu a allon, kuma duk lafiya. Ranar da ɗaya daga cikin takwas ɗin ya mutu da kansa, ja ya zama biyar. Wa zai lura da bambancin huɗu da biyar daga nesa, alhali yana amsa waya? A sabon salo, injin da ke aiki ana cike shi da fari, wanda aka tsayar da gangan ana cike shi da toka mai duhu, kuma a ƙarƙashin kowanne akwai kalma, RUNNING ko STOPPED. Wanda ya mutu ba tare da an umarce shi ba, shi kaɗai ke samun alamar ja a gefensa. A duk shafin babu wani ja sai shi.

Akwai wata matsalar ja da kore da ba kowa ya sani ba. A fannin lantarki, a ƙasashe da dama, ja na nufin an haɗa layi, wuta tana gudana, a yi hattara, kore kuma na nufin an katse. A fannin mai da ruwa da sinadarai, kore na nufin inji yana aiki, ja ya tsaya. Ma'anar ta juye gaba ɗaya. Masana'anta guda tana iya ɗauke da tsarin biyu, domin tana da tashar wutarta kuma tana da injunan sarrafa kayanta. Wannan ya shafi ƙasashen da ke sayo masana'antunsu daga waje. Kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, ta Zinder kuma da ta fara aiki a 2011 haɗin gwiwa ce da kamfanin man China. Duk inda injuna suka zo daga ƙasashe dabam-dabam, kowanne da allon da kamfaninsa ya zana, sai mai masana'antar ya tsaya ya ce ga ma'anar kowane launi a gidansa, in ba haka ba ma'aikaci zai riƙa sauya kai duk lokacin da ya juya kujera.

Abin da ƙa'idar ISA-101 ta 2015 ta fi nacewa a kai ke nan. Mutane da yawa suna ɗauka doka ce da ta ce a yi allo da launin toka. Abin da ta nema shi ne kowace masana'anta ta rubuta manufarta da kundin salonta, ta bi su a kowane shafi, kuma duk canjin da za a yi wa allo ya bi ta hanyar amincewa kamar yadda canjin bututu ke bi.

Ko an yi tattalin launi, ba a barinsa ya ɗauki saƙo shi kaɗai. A cikin mazan da asalinsu arewacin Turai ne, kusan ɗaya cikin 12 ba ya bambance wasu launuka da kyau, musamman ja da kore. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma akwai su, kuma da yawa ba su san suna da matsalar ba. Ƙari a kan haka, allo yana dusashewa da tsufa, hasken rana yana dukansa ta taga. Shi ya sa ake ba kowace ƙararrawa alama uku a haɗe: launi, siffa da lamba. A wani tsari da ya yaɗu, ta gaggawa murabba'i ce ja mai lamba 1 a ciki, ta biyu alwatika ce rawaya mai lamba 2, ta uku alwatika ce a kife mai ruwan goro da lamba 3. Gwajin ba shi da wuya: a buga shafin a takarda da baƙin tawada kawai. Idan wani bayani ya ɓace, to launi kaɗai ke ɗauke da shi, sai a gyara.

Ƙiftawa kuwa aikinta ɗaya tak: ƙararrawar da ba a amsa ba. Da ma'aikaci ya danna ya amsa, alamar ta daina ƙiftawa amma ta tsaya da launinta har matsalar ta wuce. Kuma alamar ce ke ƙiftawa, ba lambar ba, domin lambar da ke ɓacewa tana dawowa ba ta karantuwa a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Shi kansa fagen toka yana da wani amfani. Baƙin fage yana mayar da hasken fitilun ɗaki kamar madubi, sai ma'aikata su rage fitilu, ɗakin ya yi duhu, barci ya samu ƙofa a aikin dare. Da fage mai haske ana iya barin fitilu a kunne.

Lamba ba ta magana ita kaɗai

A 1995 mai bincike Mica Endsley, wadda ta yi aiki sosai a kan matuƙan jiragen sama, ta kasa sanin halin da ake ciki gida uku. Na farko mutum ya ga abin da ke faruwa. Na biyu ya gane ma'anarsa. Na uku ya hango inda abin ya nufa. Allon da ke cike da lambobi yana tsayawa ne a na farko, ya bar wa ƙwaƙwalwar ma'aikaci sauran biyun.

Direban mota bai san yawan zafin ruwan injinsa da lamba ba, kuma ba ya buƙata. Yana ganin allura a tsakiya, ya san lafiya, in ta doshi ja ya nemi gefen titi. Wannan dabarar ce ake mayarwa kan allo.

A ɗauki misalin tankin ruwa mai cin mita kubik 600. Tsohon allo zai rubuta 70% a jikin tankin, shi ke nan. Shin 70 lafiya ne? Sai wanda ya haddace iyakokin wannan tanki, cikin tankuna da mitoci ɗari da wani abu da ke hannunsa. Sabon allo yana zana siririn ma'auni a tsaye, ya shafa wa tsakanin 40 da 75 launi mai ɗan haske don nuna nan ne wurin zaman lafiya, ya sa alamar ƙararrawa a 90, sannan ƙaramin tsinke ya nuna inda ruwan yake yanzu. Kallo ɗaya ya isa a ga ruwan yana cikin iyaka, amma ya kusa bakinta na sama. An kai mataki na biyu.

A cikin zanen tankin kuma sai a sa layin da ke nuna hawa da saukar ruwan a sa'o'i biyu da suka wuce. Tankin da ya kwana a 70 da wanda ya taso daga 40 zuwa 70 cikin awa biyu lambarsu ɗaya, amma labarinsu ba ɗaya ba ne. A gefe a jera ma'auni biyu kafaɗa da kafaɗa: shiga 150 a awa, fita 60 a awa. Bambancin 90 ne. Tankin yana ɗauke da 420, saura wurin 180, ke nan nan da awa biyu zai yi ambaliya. Ƙararrawar 90 kuwa, wato mita kubik 540, ba za ta yi ƙara ba sai bayan minti 80, kuma a lokacin minti 40 kawai ya rage. Kwamfuta tana iya yin wannan lissafi ta rubuta shi a ƙasan tankin. Ma'aikacin da ya ga haka yana da lokacin da zai kira a rediyo a je a duba dalilin da ya sa fita ta ragu, a natse, tun ƙararrawa ba ta buɗe baki ba.

Rashin wannan ɗan lissafin ya ci rayuka. Ranar 23 ga Maris 2005, a matatar BP ta Texas City a Amurka, ana tayar da wata hasumiya mai tsayin kimanin mita 52 bayan gyara. Sama da sa'o'i uku ana tura mata mai, bawul ɗin fita yana rufe. Mitar da ke auna zurfin man an yi ta ne don ta auna 'yan mitocin ƙasan hasumiyar kawai. Da mai ya shanye ta, sai ta riƙa nuna kimanin mita 2.4, har ma tana ɗan sauka, alhali man ya kai kusan mita 48. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta gano cewa adadin da ke shiga da wanda ke fita ba a shafi ɗaya suke ba, kuma allon ba ya lissafa jimillar abin da ya taru a ciki. Mutum 15 suka mutu, 180 suka jikkata. Shekara 11 ke nan bayan Milford Haven, kuma ramin da aka faɗa kusan iri ɗaya ne.

Akwai wata ƙaryar da allo ke yi wadda ta fi wannan wayo. Da asubahin 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania, wani bawul na rage matsi ya buɗe yadda ya kamata, amma ya ƙi rufewa. Fitilar da ke kan bangon sarrafawa ta mutu, ma'aikata suka fahimci ya rufe. Ashe fitilar ba bawul ɗin take kallo ba, umarnin da aka aika masa take nunawa. Ruwan sanyaya tukunyar nukiliyar ya yi ta tsiyayewa sama da sa'o'i biyu kafin a gano. Darasin da masu tsara allo suka ɗauka shi ne a raba umarni da amsa. Abin da aka ce bawul ya yi daban, abin da na'urar da ke jikinsa ta tabbatar ya yi daban, kuma idan suka saɓa wa juna fiye da 'yan daƙiƙoƙin da motsin ke ɗauka, wannan saɓanin shi kansa ƙararrawa ne. Inda babu na'urar tabbatarwa, allon ya fito fili ya nuna umarni ne kawai yake nunawa.

Hanyar zuwa shafi

Ana jera shafuka hawa huɗu. Na sama shafi ɗaya ne tak, yana nuna duk yankin da ke hannun ma'aikacin: muhimman ma'aunai, layukan hawa da sauka, manyan injuna, da ƙararrawa mafi nauyi. Ba a sarrafa komai daga cikinsa, kuma ba a rufe shi. Galibi yana da nasa babban allon a sama. Hawa na biyu shafin kowane sashe ne, inda ake yin yawancin aikin yau da gobe. Na uku cikakken bayanin inji guda ne, nan ne taswirar bututu ke da gurbi. Na huɗu na gano lalacewa ne da bayanan taimako.

Hawa na biyu shi ne ya fi wuyar zanawa, domin ba tsarin ƙarfe yake bi ba, tsarin aiki yake bi. Mai zane yana zama da ma'aikata ya tambaye su: idan za ku tayar da wannan hasumiya, me kuke kallo, me kuke dannawa, a wane jeri? Duk abin da suka ambata sai ya hallara a shafi ɗaya, ko da a taswira yana warwatse a takarda biyar. Sau da yawa tayar da inji da kashe shi suna samun nasu shafin na musamman, saboda a lokutan ne haɗari ya fi yawa. Alamar da ke tona asirin mugun tsari a bayyane take ga duk wanda ya shiga ɗakin sarrafawa: ma'aikaci yana tsalle tsakanin shafi uku yana rubuta lambobi a bayan takarda don ya kwatanta su, ko ƙananan takardu manne a gefen allo ɗauke da iyakokin da ya kamata allon ya nuna da kansa.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Kowane shafi na aiki a same shi da danni biyu ko uku daga ko'ina. Maɓallan tafiya su zauna wuri ɗaya a duk shafuka, don hannu ya haddace. Danna ƙararrawa ya kai mutum kai tsaye shafin da zai magance ta. Inda bututu ya fita daga gefen shafi, a sa maɓallin da zai bi shi zuwa na gaba. Ƙananan tagogin da ke buɗewa kada su rufe abin da ake sarrafawa.

Shin duk wannan yana aiki? Shaidar da aka fi ambata gwaji ne da ƙungiyar ASM, haɗakar kamfanonin mai da sinadarai ƙarƙashin jagorancin Honeywell, ta yi da kamfanin NOVA Chemicals na Kanada, aka gabatar a 2005. An sa ma'aikata 21 a na'urar kwaikwayon masana'anta, wasu da tsohon salon allo, wasu da sabo, aka jefa musu matsaloli iri ɗaya. Masu sabon allo sun gano matsala kafin ƙararrawa ta yi ƙara a kashi 48 cikin 100 na lokutan, masu tsohon kuwa kashi 10. Wajen shawo kan matsalar, kashi 96 ne da kashi 70. Mutum 21 ba taro ba ne, kuma masu gwajin suna da sha'awar sakamakon, don haka bai kamata a ɗauki alƙaluman kamar awon gwal ba. Amma tazarar tana da faɗi, kuma ta dace da abin da rahotannin haɗurra ke nunawa.

Cikas ɗin da aka fi cin karo da shi ba na fasaha ba ne. Ma'aikacin da ya shekara 15 da allo mai kala ya haddace inda komai yake, kuma ranar da aka sauya masa, aikinsa zai ragu kafin ya ƙaru. Ƙorafinsa yana da tushe. Masana'antun da suka yi nasara sukan fara da shafin sama kaɗai, wanda dama babu shi, su bar tsofaffin shafuka a matsayin hawa na uku, su kuma sa ma'aikatan kowane rukuni, har da na dare, cikin zanen. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki tsohon shafi a shafe shi da toka a ce an sabunta. Lambobi 80 marasa ma'auni a kan toka ba su fi lambobi 80 a kan baƙi ba.

Kafin a amince da sabon shafi ana iya gwada shi ba tare da kashe kuɗi ba. A nuna wa ma'aikaci shi na daƙiƙa biyar daga inda ya saba zama, a rufe, a tambaye shi ko lafiya, in ba lafiya ba ina ne, kuma abin yana gyaruwa ne ko yana ƙara lalacewa. Sannan a ɗauko bayanan wata matsala da ta taɓa faruwa a masana'antar, a sake kunna su a kan sabon shafin, a ga a wane minti ne abin ya fara bayyana.

Gwaji na ƙarshe shi ne a zare wayar wata mita da gangan. A wurin da wuta ke ɗaukewa ko sadarwa ke yankewa tsakanin tasha da ɗakin sarrafawa, wannan ba abin wasa ba ne, domin wasu tsare-tsaren suna ci gaba da nuna lambar ƙarshe da suka samu, fes da ita, kamar yanzu aka auno ta. Shafin da aka tsara da kyau yana sauya kamannin lambar nan take, ya sa mata alamar cewa ba abin dogaro ba ce, ya katse layin hawa da sauka a daidai lokacin da labari ya yanke, ya kuma rubuta ƙarfe nawa aka samu awo na ƙarshe. Duk lissafin da ya dogara da wannan mita, kamar na lokacin da tanki zai cika, shi ma a ɗora masa alamar.